Takardar jagorar aiki: abin da edita ke bai wa marubuci mai zaman kansa kafin ya fara rubutu

Takardar jagorar aiki gajeren bayani ne a rubuce, wanda edita ke miƙa wa marubucin da ba ma'aikacin gidan jaridar ba ne, domin ya san ainihin rubutun da ake so daga gare shi. Galibi ba ta wuce shafi ɗaya zuwa biyu. A cikinta ake fayyace tambayar da rubutun zai amsa, da mutanen da ake rubuta wa, da salon maganar da za a bi, da kalmomin da mai karatu zai nemo rubutun da su a intanet, da tsawonsa, da kuma wa'adin miƙa shi.

Wakilin da ke zaune a ɗakin labarai yana halartar taron safe, yana jin abin da edita ke so da wanda yake ƙi, har ya saba da al'adar gidan ba tare da an rubuta masa komai ba. Marubuci mai zaman kansa ba shi da wannan gata. Sau da yawa kiran waya ɗaya ne ko saƙon murya ke haɗa shi da editan, sai ya tafi ya yi makonni yana aiki a kan abin da yake zaton an ce masa. Idan zaton ya saɓa, shi ne ke asarar lokacinsa da kuɗin motarsa, jaridar kuma ta rasa labarin. A batun siyasa asarar takan wuce haka, domin jimla ɗaya da ba a tantance ba tana iya kai marubuci da jaridarsa gaban alƙali. Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane.

Wannan bayani ya ɗauki misali guda ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe. A ɗauka edita yana son marubuci mazaunin Unguwar Sarki, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, ya rubuta sharhin bayani kan kuɗin ƙananan hukumomi.

Tambayar da rubutun zai amsa

Layin farko na takardar shi ne tambaya, kuma a nan yawancin takardu ke fara lalacewa. Edita ya rubuta "a yi mana wani abu kan 'yancin ƙananan hukumomi", ya ɗauka ya ba da aiki. Wannan fage ne kawai, kuma marubuta biyar za su iya shiga cikinsa su fito da rubutu biyar da babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Abin da aka sani a fagen shi ne, ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu daga asusun tarayya kai tsaye, ta kuma haramta gudanar da su ta hannun shugabannin riƙo. Kafin hukuncin, kuɗin yakan bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambata. Jihar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23 ta gudanar da zaɓensu ranar 19 ga Oktoban 2024.

Daga waɗannan edita zai tsamo tambaya ɗaya mai iyaka: bayan hukuncin, ta wace hanya kason Kaduna ta Arewa ke isowa, kuma me mazaunin Unguwar Sarki ke da hurumin tambayar kansilansa a kai? Ana gane tambaya mai kyau da abu biyu. Ana iya amsa ta da takardu da mutanen da marubuci zai iya kaiwa gare su, kuma edita bai riga ya cusa amsar a cikinta ba. Takardar da ta ce "a nuna yadda ake wawure kuɗin ƙaramar hukuma" ta yanke hukunci tun kafin a yi bincike, ta mayar da marubucin mai neman hujjar abin da aka riga aka ƙudurta.

Masu karatu

Kaduna ta daɗe da sanin cewa labari ɗaya yana sauya kama gwargwadon wanda ake faɗa wa. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, kuma akan karanta ta a bainar jama'a, wanda ya iya boko yana karanta wa waɗanda ba su iya ba. Jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966, tana magana ne da ma'aikatan gwamnati da 'yan boko cikin Turanci. Daga baya jaridun biyu sun kasance ƙarƙashin kamfani ɗaya, amma kowacce da irin bayanin da mai karatunta ke bukata.

Don haka rubuta "jama'a baki ɗaya" a gurbin masu karatu daidai yake da barin gurbin babu komai. Abin da marubuci ke bukata shi ne a gaya masa abin da mai karatun ya riga ya sani, da abin da bai sani ba, da abin da zai yi da rubutun bayan ya karanta. A misalinmu, mai karatun matashi ne da ke bibiyar siyasa a wayarsa. Ya san sunan gwamna da na sanatansa, ya ji labarin hukuncin Kotun Ƙoli, amma da wuya ya san bambancin kason da ake rabawa daga Abuja da harajin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta a kasuwa da tasha. Mai yiwuwa kuma bai san wane aiki ne na jiha, wane ne na ƙaramar hukuma ba.

Wannan bayanin shi ne ke yanke wa marubuci shawarar abin da zai fassara da abin da zai wuce. Ba zai ɓata sakin layi yana bayanin mece ce Kotun Ƙoli ba. Amma zai tsaya ya bayyana cewa Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ciki har da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwashe shara, da maƙabartu, da kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Matashin da ya san wannan ba zai je wurin kansila da ƙorafin da ma'aikatar jiha ce ke da alhakinsa ba.

Salon magana

Editoci sukan rubuta kalmomi irin su "mai jan hankali" ko "mai zafi", waɗanda kowa ke fahimta yadda ya ga dama. Hanyar da ta fi aiki ita ce edita ya ba da jimla biyu, ɗaya wadda yake so, ɗaya wadda ba ya so. Misali, ba a son a ce: "Mahukunta sun yi ɗif kamar an shuka dusa, alamar akwai lauje cikin naɗi." Ana son a ce: "An miƙa wa ofishin takardar neman bayani ranar Talata, kuma har zuwa lokacin wallafa wannan rubutu ba a samu amsa ba." Jimlar farko ta fi daɗin ji, sai dai ta ɗora zargin da marubucin ba zai iya tabbatarwa ba. Ta biyu ta faɗi abin da ya faru, ta bar mai karatu ya auna da kansa.

A rubutun Hausa akwai wasu abubuwa da ya kamata takardar ta yanke tun farko. Na ɗaya, yadda za a ambaci masu muƙami: ko a riƙa jero laƙabi kamar Mai Girma da Honarabul, ko a tsaya ga muƙami da suna. Duk wanda aka zaɓa, a yi wa kowane ɓangare daidai, domin mai karatu yana lura idan an girmama ɗan wata jam'iyya an kira na ɗayar da sunansa tsirara. Na biyu, yawan karin magana. Karin magana yana ƙawata rubutu, amma a labarin da ya shafi kuɗin jama'a yakan zama hanyar yin habaici ba tare da ɗaukar alhakinsa ba. Na uku, kalmar "an ce". Idan takardar ta hana ta, marubuci zai tilasta wa kansa faɗin wanda ya ce, da inda ya ce, da ranar da ya ce.

Wannan ba batun ladabi ne kawai ba. An sha gurfanar da 'yan jarida a Najeriya ƙarƙashin sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, baya ga dokokin ɓata suna. Marubuci mai zaman kansa ba shi da lauyan kamfani a bayansa, sai fa idan an rubuta masa haka. Saboda haka takarda mai kyau tana wajabta jin ta bakin duk wanda rubutun ya ambata da wani laifi, tana kuma faɗin matsayin jaridar idan aka yi ƙara.

Kalmomin nema

Kalmomin nema su ne waɗanda mai karatu ke bugawa a Google ko wani shafin bincike idan yana neman bayani. Edita yana sa su a takardar domin rubutun ya ci gaba da samun masu karatu bayan ranar da aka wallafa shi ta wuce. Kalma ɗaya babba da uku ko huɗu masu rakiya sun wadatar. A misalinmu babbar ita ce "kuɗin ƙananan hukumomi", masu rakiyarta kuwa "Kaduna ta Arewa", "hukuncin Kotun Ƙoli" da "asusun haɗin gwiwa".

Hausa tana da matsalolinta biyu a nan. Ta farko ita ce haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Masu karatu da yawa ba su da su a allon wayarsu, ko kuma ba sa damuwa da nemo su, sai su buga `kudin kananan hukumomi`. Wannan ba dalili ba ne na zubar da ƙa'idar rubutu a cikin maƙala, domin ƙugiyar ce ke raba ƙasa da kasa, ta raba ɓata da bata. Abin da ake yi shi ne a bar ƙugiya a kanun labari da gundarinsa, a cire ta a adireshin shafin, kamar `kudin-kananan-hukumomi-kaduna`, wanda dama ya fi sauƙin turawa a WhatsApp ba tare da ya rikiɗe ba.

Ta biyu ita ce sunayen wurare. Unguwar da Masallacin Sultan Bello yake, a ƙa'idar Hausa Unguwar Sarki ce, tunda unguwa kalma ce ta mace. Amma a allunan kan titi da takardun hukuma da taswirar waya akan ga `Unguwan Sarki` da `Ungwan Sarki`. Takardar jagora ta faɗi wanda za a yi amfani da shi a rubutun, ta kuma ba da damar ambaton sauran sau ɗaya, domin wanda ya nema da su ya iso. Shafin Google Trends yana taimakawa wajen kwatanta yawan neman kalma da kalma a Najeriya, sai dai kalmomin Hausa da ba a yawan nema sukan fito babu alƙaluma, don haka sanin yadda mutane ke magana a unguwa ya fi shi amfani a irin wannan aiki.

Babbar kalmar ta fito a kanun labari, da sakin layi na farko, da ƙaramin kanu ɗaya. Kanun kada ya wuce kusan haruffa 60, domin abin da ya haura haka yakan yanke a shafin sakamakon bincike. Cusa kalmar a kowane sakin layi yana ɓata rubutu, kuma ƙa'idojin Google kansu sun lissafa shi cikin abubuwan da ke jawo a mayar da shafi baya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a karanta sakin layin da ƙarfi, idan kunne ya ji kalmar ta dawo ba gaira ba dalili, a cire ta.

Tsawo

Ana auna tsawo da yawan kalmomi, kuma a ba da iyaka ta ƙasa da ta sama, misali 1,100 zuwa 1,300. Faɗin adadi kaɗai bai isa ba, domin marubuci na iya cinye rabin kalmomin a tarihin hukuncin, wanda ya fi sauƙin rubutawa, ya bar ainihin binciken a sakin layi biyu na ƙarshe. Maganin wannan shi ne a raba kalmomin tun a takardar.

A rubutu mai kalmomi 1,200, buɗewa ta ɗauki 120, bayanin hukuncin 250, hanyar da kuɗin ke bi daga taron kwamitin rabon arzikin ƙasa na wata-wata zuwa ƙaramar hukuma 300, abin da marubuci ya gani ya kuma ji a Unguwar Sarki 350, martanin hukuma 180. Duk wanda ya dubi wannan rabo ya san inda nauyin aikin yake, wato sashen da sai an taka ƙafa ake samunsa.

Idan rubutun fassara ne ko za a buga shi da harsuna biyu, a faɗi harshen da ake ƙirga kalmominsa. Hausa tana rubuta "ya", "ta", "na", "da" a matsayin kalmomi masu zaman kansu, kuma takan bayyana da kalmomi uku ko huɗu abin da Turanci ya dunƙule a ɗaya, don haka fassarar Hausa takan fi asalinta yawan kalmomi. Inda ake biya bisa kalma, wannan bambanci kuɗi ne.

Wa'adi

Wa'adi yana bukatar rana da sa'a. "Ƙarshen mako" ga wani Juma'a ce, ga wani Lahadi da dare. Kuma ba a tsayar da shi daga ranar da edita ke sha'awar wallafawa. Ana lissafa shi ne daga matakin da ya fi kowanne jinkiri a aikin.

A misalinmu, matakin shi ne neman bayani a hukumance. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa bukata, kuma a wasu yanayi tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce bakwai ba. Editan da ya ba da kwana biyar kan aikin da ke jiran irin wannan amsa ya tilasta wa marubuci ɗaya daga abu biyu: ya makara, ko ya rubuta cewa hukuma ta ƙi magana alhali lokacinta bai cika ba.

Lissafin da ya dace shi ne kamar haka. An ba da aiki ranar Litinin. Marubuci ya miƙa takardar neman bayani ranar Talata, ya karɓi kwafi mai hatimin shaidar karɓa, domin wannan hatimin ne ke tabbatar da ranar da ƙirga ta fara. Kwana bakwai sun cika Talata ta gaba, ƙarin bakwai kuma Talatar da ke biye. A tsakanin nan yana tattara alƙaluman rabon wata-wata da Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa, yana kuma zantawa da 'yan kasuwa da masu unguwa da kansila. Ya miƙa daftarin farko ranar Alhamis da ƙarfe 4 na yamma, kwana na 18. Edita ya dawo da gyara ranar Litinin, marubuci ya miƙa na ƙarshe ranar Laraba da tsakar rana, a wallafa ranar Alhamis, kwana na 25.

Akwai wani abin lura da ya keɓanci Kaduna. A watan Disamban 2021 gwamnatin jihar ta ɓullo da tsarin aikin kwana huɗu a mako ga ma'aikatanta, don haka mai tsara wa'adi kada ya ɗora ganawa da jami'i a kan ranar Juma'a sai ya tabbatar za a same shi a ofis. Idan kuma aikin na bukatar tsofaffin takardu, Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello wanda ya zama cibiyar adana tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana kusa, amma binciken ɗakin adana takardu yana cin kwanakinsa, sai a ware masa su.

Wa'adi yana hawa kan ɓangarorin biyu. Takardar ta faɗi ranar da edita zai dawo da gyara, da yawan zagayen gyaran da ke cikin kuɗin aikin, da ranar biya.

Kuɗi da haƙƙin mallaka

Layukan ƙarshe na takardar su faɗi ladan aikin, da ko kuɗin mota da na kiran waya suna ciki ko daban, da abin da za a biya idan jaridar ta fasa wallafa rubutun bayan an kammala shi. Rashin ba da kuɗin zirga-zirga ne ke tura marubuci karɓar na goro daga wanda yake bincike a kansa, kuma daga nan labarin ya mutu.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bar haƙƙin rubutu a hannun marubucinsa matuƙar ba a yi wata yarjejeniya ba, kuma miƙa haƙƙin ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Jaridar da ke son mallakar rubutun gaba ɗaya, ko hana a sake buga shi a wani wuri na wani lokaci, sai ta rubuta hakan marubucin ya amince.

Samfurin takardar

Tambaya: Bayan hukuncin 11 ga Yulin 2024, ta ina kason Kaduna ta Arewa ke isowa, kuma me mazaunin Unguwar Sarki zai iya tambayar kansilansa?

Masu karatu: Matasa masu bibiyar siyasa a waya. Sun ji labarin hukuncin, ba su san hanyar kuɗin ba.

Salo: Bayani cikin natsuwa. Muƙami da suna kawai ga kowa. Babu "an ce". A ji ta bakin duk wanda aka ambata.

Majiyoyi: Alƙaluman rabon wata-wata, amsar hukuma a rubuce ko shaidar an nema, mazauna unguwar aƙalla huɗu, maza da mata.

Kalmomin nema: kuɗin ƙananan hukumomi, Kaduna ta Arewa, hukuncin Kotun Ƙoli, asusun haɗin gwiwa.

Tsawo: Kalmomi 1,100 zuwa 1,300 na Hausa, bisa rabon da aka bayar.

Wa'adi: Daftari ranar Alhamis ta mako na uku, ƙarfe 4 na yamma. Gyara zagaye ɗaya. Na ƙarshe ranar Laraba ta mako na huɗu, ƙarfe 12 na rana.

Lada da haƙƙi: Adadin kuɗi, ranar biya, kuɗin zirga-zirga, abin da za a biya idan an fasa, da wanda ke da haƙƙin rubutun.

Kafin a fara aiki, marubuci ya mayar wa edita da jimla biyu yana faɗin abin da ya fahimta za a rubuta da wanda za a rubuta wa. Idan jimlolin sun yi daidai da abin da ke zuciyar editan, takardar ta yi aikinta. Idan sun saɓa, a gyara ta a ranar, tun ba a kashe ko sisi a kan hanya ba.